Yadda Ake Gano Madadin Man Shafawa Na Waje Ta Hanyar Karanta Bayan Kwalba

Kowace kwalbar man shafawa fuska biyu gare ta. Ta gaba aikin masu talla ce, nan ake zana ganye da ɗigon ruwa, a rubuta sunan sinadarin da ake yayi da manyan baƙaƙe. Ta baya kuwa, inda aka jera sunaye da ƙananan haruffa a ƙarƙashin kalmar Ingredients, doka ce ta tilasta wa kamfani ya rubuta ta. Idan man da fatarki ta saba da shi na waje ne, ya kuma yi wuyar samu ko ya fi ƙarfin aljihu, da wannan jeri na baya za ki nemo wanda ake yi a ƙasarki da zai iya maye gurbinsa. Ina cewa "ki" ne don yawancin masu yi mini wannan tambaya mata ne, amma namijin da ke neman madadin man gemu ko na bayan aski, hanyar ɗaya ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga sunaye. A ɗauki kwalba biyu, a ga suna goma sun zo ɗaya, a ce an samu. Ni ma na taɓa yin haka, na sayi wani mai saboda duk sunayen da nake nema suna jikinsa, kwana huɗu goshina ya feso da ƙananan ƙuraje. Da na zauna na sake karantawa sai na ga sunayen nan duk a can ƙarshen jeri suke, abin da ya cika kwalbar wani abu ne daban. Abin dubawa shi ne inda suna ya zauna a jeri, da aikin da yake yi a cikin haɗin. Zan ɗauki man fuska mai sa laushi da riƙe danshi a matsayin misali, domin a kansa ne wannan hanya ta fi yin aiki.

Me ya sa kwatancen yake yiwuwa

Kamfanonin kayan kwalliya a yawancin ƙasashe suna amfani da tsarin suna guda ɗaya, ana kiransa INCI. Asalinsa ƙamus ne da ƙungiyar masu masana'antar kayan kwalliya ta Amurka ta fara fitarwa a 1973, daga baya Tarayyar Turai da ƙasashe da yawa suka ɗauke shi. A wannan tsari ana rubuta tsirrai da sunansu na Latin, shi ya sa abin da kika sani sarai yake zuwa miki da baƙuwar fuska. Butyrospermum Parkii Butter man kaɗanya ne. Cocos Nucifera Oil man kwakwa ne. Cera Alba kakin zuma ne, Petrolatum shi ne basilin, Tocopherol kuma bitamin E. Aqua da Water da Eau duk ruwa ne, kamar yadda Paraffinum Liquidum da Mineral Oil abu ɗaya ne, sai dai wancan aka fi rubutawa a Turai, wannan a Amurka. Parfum da Fragrance turare ne.

Ba sai kin haddace su ba. Rumbun bayanai na Tarayyar Turai mai suna CosIng kyauta ne a intanet, kina rubuta suna zai nuna miki aikin da sinadarin yake yi. Bayan kwalba biyar ko shida za ki ga sunayen da suke maimaita kansu ba su wuce talatin ba.

Matakin farko: ki samo jerin gaskiya na man da kike so

Ki ɗauki hoton bayan kwalbar da take hannunki, wadda fatarki ta karɓa. Idan babu jeri a jikinta, yana kan kwalin da ta zo a ciki, ko a ƙarƙashin takardar da ake ɓanɓarewa. Wasu ƙananan kwalabe suna ɗauke da alamar hannu yana nuna buɗaɗɗen littafi, ma'anarta bayanin yana cikin takardar da aka haɗo.

Na fi yarda da kwalbar hannu a kan shafin intanet saboda dalili biyu. Kamfanoni suna sauya haɗi ba tare da sun sauya suna ba, kuma mai ɗaya yana iya samun haɗi daban a ƙasashe daban saboda bambancin doka. Sannan shafukan sayarwa sukan kawo sinadarai uku ko huɗu da suke alfahari da su kawai, wannan kuwa ba jeri ba ne. Idan kin samu, ki kwafe shi a takarda, kowane suna a layinsa, da lamba a gefe. Aikin yana da ɗan gundura, amma ido ba ya iya kwatanta dogayen layuka biyu na ƙananan haruffa ba tare da ya tsallake wani abu ba.

Ga jerin da za mu yi aiki da shi. Ni na tsara shi don misali, a kan irin haɗin da aka saba gani a man fuska na busasshiyar fata:

```
Aqua, Glycerin, Caprylic/Capric Triglyceride,
Niacinamide, Cetearyl Alcohol, Butyrospermum
Parkii Butter, Dimethicone, Glyceryl Stearate,
PEG-100 Stearate, Phenoxyethanol, Panthenol,
Ceramide NP, Sodium Hyaluronate, Xanthan Gum,
Tocopherol, Disodium EDTA, Ethylhexylglycerin,
Citric Acid
```

Suna 18 ke nan.

Mataki na biyu: ki ja layin kashi 1

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai mai lamba 1223/2009, da dokar Amurka, duk sun yarda a kan abu ɗaya: ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Amma da zarar an sauko ƙasa da kashi 1 cikin 100, kamfani yana da damar jera sauran yadda ya ga dama. Wato jerin gida biyu ne. Na sama a tsare yake bisa yawa. Na ƙasa kuwa tsarin ganin dama ne, kuma kamfani mai wayo zai ɗauko suna mai daɗin ji ya sa shi a farkon gidan ƙasa don ya yi kamar yana da yawa.

Babu wanda zai ja miki layin da ya raba gidajen biyu, ke za ki nemo shi, da taimakon wasu sinadarai da aka san ba sa wuce kashi 1. Mafi amfani a cikinsu shi ne Phenoxyethanol, sinadarin hana lalacewa, wanda dokar Turai ta ƙayyade masa kashi 1 a matsayin iyaka. Sodium Benzoate da Potassium Sorbate da Methylparaben su ma masu hana lalacewa ne, kuma a man da ake barinsa a jiki iyakarsu ƙasa da kashi 1 take. Xanthan Gum da Carbomer masu sa kauri ne, a man shafawa da wuya su kai rabin kashi 1, domin idan sun yi yawa man yakan koma kamar yauƙi ko ƙullu. Disodium EDTA yakan tsaya wajen kashi 0.1. Duk wanda kika fara cin karo da shi a cikin waɗannan yayin da kike saukowa daga sama, ki ja layi a samansa.

A misalinmu Phenoxyethanol ne na 10. Ki lura da abin da layin yake faɗa da abin da ba ya faɗa, don nan mutane suke zamewa. Duk abin da ya zo bayan Phenoxyethanol tabbas bai wuce kashi 1 ba. Amma abin da ya zo kafinsa ba lallai ne ya haura kashi 1 ba, domin yana yiwuwa ainihin layin yana sama da nan, an dai tura mai hana lalacewar ƙasa ne don kada ya tsone wa mai saye ido. Saboda haka suna ɗaya ko biyu da suke daf da layin daga sama, ki riƙe su da shakka. Idan kika ga ruwan wani fure mai tsada ya zauna daidai saman Phenoxyethanol, mafi yawan lokuta ado ne.

To me muka gani? Suna tara na farko su ne kusan dukkan abin da ke cikin kwalbar. Ruwa shi kaɗai a irin wannan mai yakan kai kashi 60 zuwa 75. Ceramide NP da Sodium Hyaluronate, waɗanda watakila su aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba, suna ƙasan layi. Wannan ba ya nufin ba su da amfani, akwai sinadaran da ake sa su kaɗan da gangan saboda kaɗan ɗin ya isa, kuma waɗannan biyun suna cikinsu. Abin da yake nufi shi ne laushin da kike ji a fuskarki minti goma bayan shafawa, yawancinsa daga Glycerin da mayukan saman layi yake zuwa.

Kina ma iya ƙiyasta yawan Niacinamide ko da ba a rubuta ba. Ya zo gaban Cetearyl Alcohol, wanda a man fuska yakan kasance tsakanin kashi 2 zuwa 5, ya kuma zo bayan babban man haɗin. Ke nan yana da kyakkyawan zato ya faɗa cikin kashi 2 zuwa 5, kuma wannan shi ne yawan da aka fi gwada shi a kai wajen rage tabo da ƙarfafa fata. Ƙiyasi ne, amma ya isa a yi kwatance da shi.

Mataki na uku: ki rubuta aikin kowane suna na saman layi

Man shafawa ruwa ne da mai da aka tilasta musu zama tare. Idan kin riƙe wannan, rabon aiki ba zai ba ki wuya ba. Akwai masu jawo danshi su riƙe shi a fata, kamar Glycerin, Propanediol, Butylene Glycol da Urea. Akwai mayuka masu sa laushi, kuma nauyinsu ya bambanta: Caprylic/Capric Triglyceride da Squalane da Coco-Caprylate/Caprate marasa nauyi ne, suna shigewa da wuri, man kaɗanya da man koko kuwa masu nauyi ne. Akwai masu rufe fata don kada danshi ya tsere, su ne Petrolatum da Paraffinum Liquidum da Dimethicone, na ƙarshen nan shi ke ba mai wannan santsi irin na siliki. Sai masu haɗa ruwa da mai su ba shi jiki, irin su Glyceryl Stearate da PEG-100 Stearate da Cetearyl Alcohol. Na ƙarshe shi ne sinadarin da aka sa don wani aiki na musamman, a nan Niacinamide.

Wani abin lura a gefe: kalmar Alcohol tana tsorata mutane ba gaira ba dalili. Cetyl Alcohol da Cetearyl Alcohol da Stearyl Alcohol kamar kakin kyandir suke, farare masu maiƙo, laushi suke ƙarawa. Wanda yake busar da fata idan ya yi yawa shi ne Alcohol Denat. ko Alcohol shi kaɗai, musamman idan ya zo cikin biyar na farko.

Bayan kin gama sai ki taƙaita man naki a jimla ɗaya. Namu zai zama: ruwa da Glycerin mai yawa, mai marar nauyi da ɗan man kaɗanya, santsin Dimethicone, Niacinamide a saman layi, babu turare. Wannan jimla ce za ki tafi nema da ita. Ki kula da rabinta na ƙarshe, domin abin da babu a cikin mai yana da nauyi daidai da abin da yake ciki. Mata da yawa suna zaton wani sinadari mai tsada ne ya gyara musu fata, alhali abin da ya faru shi ne sun koma man da ba shi da turare, fatar ta samu hutu.

Ki kuma tambayi kanki me ya sa kike son man. Idan don ba ya sa fuska ƙyalli da rana ne, to nau'in mayukan ne ba za ki yi sassauci a kansu ba. Idan don tabo ya ragu ne, matsayin Niacinamide ne. Abu biyu ko uku za ki riƙe gam, sauran kuma a yi ciniki.

Mataki na huɗu: kwatance

A ce kin samo mai biyu da ake yi a ƙasarki. Na farko an rubuta Niacinamide da Ceramide ɓaro-ɓaro a gabansa, har launin kwalbar ya yi kama da na wajen:

```
Aqua, Paraffinum Liquidum, Glycerin, Cetyl
Alcohol, Stearic Acid, Isopropyl Myristate,
Parfum, Phenoxyethanol, Carbomer,
Triethanolamine, Niacinamide, Ceramide NP,
Sodium Hyaluronate, Panthenol, Tocopherol,
Disodium EDTA, Ethylhexylglycerin, Linalool,
Limonene, CI 19140
```

Na biyu kwalbarsa ba ta da wani ado, ba a ma ambaci Ceramide a ko'ina ba:

```
Aqua, Glycerin, Niacinamide, Butyrospermum
Parkii Butter, Coco-Caprylate/Caprate, Cetyl
Alcohol, Glyceryl Stearate Citrate, Dimethicone,
Sodium Benzoate, Potassium Sorbate, Xanthan Gum,
Allantoin, Tocopherol, Citric Acid
```

Idan ƙirga za a yi, na farko ya ci: suna 10 cikin 18 ya haɗa da na wajen, na biyu 8 kawai. Manhajojin da suke ba da makin kamanni da yawa haka suke lissafi. Yanzu ki ja layi a kowanne ki sake dubawa.

A na farko layin ya faɗa a lamba ta 8. Cikin sunaye goman da suka zo ɗaya, biyu ne kawai a saman layi, ruwa da Glycerin. Niacinamide ya zo bayan Phenoxyethanol da Carbomer, wato bai wuce kashi 1 ba, kuma yana iya yin ƙasa da haka sosai. Babban mansa Paraffinum Liquidum ne. Ba abu ne mai cutarwa ba, yana rufe fata da kyau kuma da wuya ya sa ƙaiƙayi, amma zai zauna a saman fuska ya yi ƙyalli, ba irin shigewar da kika saba ba. Isopropyl Myristate yana cikin waɗanda masu yawan ƙurajen fuska sukan yi kuka da su. Stearic Acid tare da Triethanolamine tsohuwar hanya ce ta haɗa ruwa da mai, a zahiri ɗan sabulu suke samarwa a cikin haɗin, shi ya sa irin wannan mai yakan yi fari-fari a fata lokacin murzawa kafin ya ɓace. Sai turare, wanda ya zo tun kafin layi, ga kuma Linalool da Limonene a ƙarshe. Waɗannan biyun ɓangarorin ƙamshi ne da dokar Turai ta ce a ambace su da suna idan sun wuce kashi 0.001 a man da ake barinsa a jiki, saboda suna tayar wa wasu da ƙaiƙayi. CI 19140 kala ce, rawaya. Wannan mai ne na daban da aka yayyafa wa sunayen da ake yayi.

A na biyu layin yana saman Sodium Benzoate, lamba ta 9. Ruwa da Glycerin suna inda suke a na wajen. Niacinamide na uku ne, ya ma hau sama da taki ɗaya. Coco-Caprylate/Caprate ya maye gurbin Caprylic/Capric Triglyceride, dukansu mayuka ne marasa nauyi. Cetyl Alcohol ya tsaya a madadin Cetearyl Alcohol, wanda dama gaurayen Cetyl da Stearyl ne. Mai haɗa ruwa da mai ya sauya suna amma aikin ɗaya ne, Dimethicone yana nan, turare babu. Jimlar da kika rubuta ta dace da shi kusan kalma da kalma.

Bambanci biyu ne za ki sa rai da su. Man kaɗanya a nan ya zo gaban mai marar nauyin, a na wajen kuwa yana bayansa da taki uku, don haka wannan zai ɗan fi kauri da maiƙo, ƙila ki riƙa ɗibar ƙasa da yadda kika saba ko ki fi jin daɗinsa da dare. Sannan babu Ceramide NP da Sodium Hyaluronate. Rashin na biyun ba zai dame ki ba, Glycerin yana yin wannan aiki na riƙe danshi. Na farkon kuwa ya danganta: idan fatarki mai yawan tsagewa da saɓa ce, irin wadda likita ya ce shingenta ya raunana, kina iya ci gaba da neman mai ɗauke da shi. Ga mai neman laushi da rage tabo, wannan mai na biyu ya isa a gwada.

Sunayen da suke kama da juna amma ba ɗaya ba

Musanya irin ta sama tana yiwuwa a mayuka da masu haɗawa. A sinadarin aiki na musamman kuwa dole sunan ya zo daidai harafi da harafi. Kwalba biyu za su iya cewa bitamin C a gaba, ɗaya tana ɗauke da Ascorbic Acid, ɗayar Sodium Ascorbyl Phosphate ko Ascorbyl Glucoside. Na farko shi ne ainihin bitamin ɗin, yana da ƙarfi, yana iya yin zafi-zafi, kuma yana saurin lalacewa. Sauran sai fata ta juya su kafin su yi aiki, sun fi sauƙi kuma sun fi jure ajiya. Haka Retinol da Retinyl Palmitate: na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba. Ba za a ce wannan ya fi wancan ga kowa ba, amma ɗaya ba madadin ɗaya ba ne.

Ki yi hattara kuma da ruwan tsiro da ya zo a lamba ta ɗaya, kamar Aloe Barbadensis Leaf Juice. Sau da yawa garin tsiron ne aka jiƙa da ruwa, don haka a lissafinki ki ɗauke shi kusan a matsayin ruwa.

Akwai jerin da wannan hanya ba ta karanta shi gaba ɗaya. A Amurka man kariya daga rana da maganin ƙurajen fuska ana ɗaukarsu a matsayin magani, bayansu yana zuwa cikin akwati mai taken Drug Facts. A sama za a ba ki sinadarin aikin da ainihin kasonsa, wanda alheri ne, amma sauran da ke ƙarƙashin Inactive ingredients ana iya jera su bisa haruffa. Idan kika ga jeri ya fara da A ya bi ta B da C, ruwa kuma yana can kusa da ƙarshe da sunan Water, to kada ki ja layi, matsayi ba ya nufin komai a nan.

Inda jeri yake yin shiru

Jeri ba ya faɗin tsamin haɗi, wanda ake aunawa da pH. A man laushi wannan ba babbar damuwa ba ce, amma Ascorbic Acid yana bukatar pH ƙasa da 3.5 kafin ya shiga fata sosai, Glycolic Acid kuma yana rasa yawancin ƙarfinsa idan pH ya hau. Kwalba biyu masu jeri iri ɗaya za su iya bambanta a nan, sai dai ki nemi kamfanin ya faɗa miki. Mazubi ma yana da tasiri: Retinol ko bitamin C a buɗaɗɗen gwangwani mai faɗin baki, ko a kwalba mai nuna ciki, ba zai daɗe kamar na cikin kwalba mai duhu da famfo ba. Idan ruwan bitamin C ya koma ruwan ƙasa, ya riga ya lalace.

Man kariya daga rana kada ki nemi madadinsa da jeri kaɗai. Lambar SPF, mai nuna ƙarfin kariyar, daga gwaji take fitowa, kuma yadda aka watsa sinadaran a cikin haɗin yana sauya ta. Ki nemi wanda aka gwada aka rubuta lambarsa. Hoda da jan baki kuwa, kalolin duk samfuran ake jerawa tare bayan alamar +/- ko kalmomin May contain, don haka launi sai an gwada a fata.

Kuma duk wannan lissafi ya dogara ne a kan cewa kamfanin gaskiya ya rubuta. Jerin da aka ce "mayukan tsirrai da bitamin" kawai, ko mai ruwa a ciki amma babu sinadarin hana lalacewa ko ɗaya, ko wanda babu lambar rukunin da aka sarrafa, ko adireshin kamfani, ko lambar rajistar hukumar da ke kula da kayan kwalliya a ƙasarki, ki ajiye shi. An sha kama mayukan da suke alƙawarin hasken fata ɗauke da Hydroquinone ko Clobetasol ko sinadarin Mercury ba tare da an rubuta ba. Idan man da jerinsa bai nuna komai ba sai mayuka da ruwan tsirrai ya sauya miki launi cikin mako ɗaya ko biyu, akwai abin da ba a faɗa miki ba, ki daina shafa shi.

Mataki na ƙarshe: gwaji a fata

Ki sayi mafi ƙanƙantar kwalba, kuma ki yi haka tun tsohon manki bai ƙare ba, don za ki bukace shi. Ki shafa ɗan kaɗan a cikin lanƙwasar hannu, wuri ɗaya, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10. Dalilin tsawon kwanakin shi ne ƙaiƙayin da turare ko mai hana lalacewa yake jawowa ba koyaushe yake fitowa nan take ba, yakan ɗauki kwana biyu ko uku, wani lokaci fiye. Ja, ƙaiƙayi, kumburi ko ƙananan ƙuraje masu ruwa, duk alamar a dakata ce. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, don haka ki shafa da yatsa ki ji ko wurin ya yi kaushi ko ɗumi.

Idan hannu ya karɓa, sai fuska: tsohon a kunci ɗaya, sabon a ɗayan, mako biyu, ba tare da kin sauya sabulu ko wani abu ba. Ki duba bayan minti goma wane gefe ya fi danƙo, da tsakar rana wane ya fi ƙyalli, da safe kuma wane ya fi ɗaurewa bayan wanke fuska. Idan kina shafa hoda ko man kariya daga rana a kai, ki lura ko sabon yana murmushewa ya yi ƙananan dunƙule, wanda yakan faru idan haɗin yana da Carbomer ko danƙo da yawa, ko an ɗibi mai fiye da kima. Laushi da maiƙo za ki gane su cikin waɗannan makonni biyu. Toshewar ƙofofin fata takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ta bayyana, aikin Niacinamide a kan tabo kuma sai an kai mako takwas zuwa sha biyu, don haka ki ɗauki hoton fuskarki a wuri ɗaya da haske ɗaya ranar da kika fara, ki kuma ajiye hoton jerin sabon man. Duk lokacin da kika sake sayensa ki duba bayan kwalbar da wannan hoto, domin kamfanin gida ma yana sauya haɗi ba tare da ya sauya suna ba.